Godiya ga Wanda Ba a San Sunansa Ba

A watan Janairun 1937 wata mujallar kimiyya ta birnin Philadelphia a Amurka, Journal of the Franklin Institute, ta buga maƙalar Albert Einstein da mataimakinsa Nathan Rosen. A ƙarshen maƙalar akwai ɗan gajeren bayani, inda Einstein ya gode wa abokin aikinsa Farfesa Robertson saboda ya taimaka masa ya gano kuskuren da ke cikin rubutun farko. Mai karatu zai wuce waɗannan layuka bai tsaya ba. Amma a bayansu akwai labarin da ya kwashe kusan shekara 70 kafin a san cikakkensa, kuma duk wanda ke son fahimtar dalilin da ya sa masu bincike ke gode wa masu tantance aikinsu, daga nan ya kamata ya fara.

Wata bakwai kafin nan, a farkon Yunin 1936, Einstein da Rosen sun aika da wannan aiki ga wata mujalla dabam, Physical Review. Tun 1916 Einstein ya yi hasashen cewa ƙarfin nauyi, wato ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa idan an jefa shi, yana iya yaɗuwa a sararin samaniya kamar igiyar ruwa. Yanzu kuma lissafinsa ya nuna masa akasin haka, ya rubuta cewa waɗannan igiyoyi babu su. Editan mujallar, John Tate, ya yi abin da ya saba yi: ya miƙa rubutun ga wani masani ya duba. Rahoton masanin ya kai shafi goma, kuma ya ce akwai kuskure. Tate ya aika wa Einstein da rahoton cikin ladabi, ya nemi jin ta bakinsa.

Einstein ya fusata. A ƙarshen Yuli ya rubuta wa Tate cewa sun aiko da aikinsu ne a buga, ba su ba da izinin a nuna wa kowa ba kafin bugu, kuma bai ga dalilin da zai sa ya amsa maganganun wani masani marar suna ba. Ya janye maƙalar. Ba girman kai kaɗai ba ne. A Jamus, inda ya yi yawancin aikinsa, edita ne ke yanke hukunci da kansa ko da shawarar wani na kusa da shi, ba a saba aika rahoton ɓoyayyen mutum ga marubuci ba.

Mai tantancewar nan kuwa gaskiya ya faɗa. Kuskuren ya yi kama da na mutumin da ya dubi taswirar duniya, ya ga dukkan layukan da suka taso daga kudu sun haɗu a wuri guda a can ƙuryar arewa, sai ya ɗauka ƙasar wurin ce ta cukurkuɗe. Ƙasar lafiya lau take, zanen taswirar ne ya haɗa layukan. Einstein da Rosen sun ga lissafinsu ya rikice a wani wuri, suka ɗauka igiyoyin ne ba za su yiwu ba, alhali ma'aunin da suka zaɓa ne ya jawo rikicin.

Bayan 'yan watanni Howard Percy Robertson, farfesa a Jami'ar Princeton, ya shaƙu da sabon mataimakin Einstein, Leopold Infeld. A cikin hira ya nuna masa inda matsalar take. Infeld ya kai magana ga Einstein, wanda a lokacin ya riga ya miƙa maƙalar ga mujallar Philadelphia. Einstein ya sake fasalin aikin a kan kwafin da aka aiko masa ya duba kafin bugu, ya juya sakamakon, ya gode wa Robertson. Abin da Robertson bai gaya masa ba shi ne, shi ne ya rubuta rahoton nan mai shafi goma. Sai a 2005 masanin tarihin kimiyya Daniel Kennefick ya bayyana hujjar, bayan an gano tsohon littafin rajistar Physical Review da sunan Robertson a gefen maƙalar. A ranar 14 ga Satumban 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama igiyoyin da Einstein ya kusa musantawa a rubuce.

To, me ake nufi da wannan tantancewa, kuma su wane ne masu yin ta?

Idan malamin jami'a ya gama bincike ya rubuta maƙala, yakan aika wa mujalla. Edita zai fara karantawa. Idan ya ga ba ta dace da mujallar ba, nan take zai mayar da ita. Idan ya ga da alamar ƙwari, sai ya nemo masana biyu ko uku a fannin, ya roƙe su su karanta. Waɗannan mutane ba ma'aikatan mujallar ba ne. Malamai ne masu ajinsu da ɗalibansu da nasu binciken, kuma a mafi yawan mujallu ko sisi ba a biyan su. Kowannensu zai rubuta rahoto: ga abin da ya tsaya da ƙafarsa, ga abin da hujja ba ta kai ba, ga gwajin da ya kamata a ƙara. Edita ya haɗa rahotannin ya yanke hukunci, ko a ƙi, ko a yi babban gyara, ko ƙaramin gyara. Marubuci ya gyara ya dawo da ita tare da wasiƙar da ke amsa kowane batu ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ana zagaye biyu ko uku, ana ɗaukar watanni, har shekara. A yawancin mujallu marubuci ba ya sanin sunan masu tantancewar. Abin da yake gani kawai shi ne Reviewer 1 da Reviewer 2.

Nauyin aikin ba kaɗan ba ne. A 2021 Balazs Aczel da abokan aikinsa biyu sun buga ƙiyasin cewa a shekarar 2020 kaɗai masu tantancewa a duniya sun kashe fiye da awa miliyan 100 a kan wannan aiki, kuma kuɗin lokacin waɗanda ke Amurka kawai ya haura dala biliyan ɗaya da rabi. Malamin da ke Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Abdou Moumouni a Yamai yana cikin wannan lissafi ta fuska biyu. Ƙarin girmansa ya rataya a kan maƙalolin da ya buga, don haka yana cin gajiyar aikin wasu. Shi ma kuma ana turo masa na wasu, ya karanta da dare bayan ya gama duba takardun jarrabawa.

Saboda haka ranar da wasiƙar karɓa ta iso, abin da ke fara zuwa zuciyar mai tarbiyya shi ne godiya. Sai dai godiyar nan tana da wurarenta, kuma sa ta a inda bai dace ba yana iya ɓata ta.

Wuri na farko ya riga ranar karɓa zuwa. Shi ne wasiƙar amsa gyare-gyare, kuma ita kaɗai ce marubuci ke da tabbacin masu tantancewa za su karanta, domin edita yakan mayar musu da ita tare da gyararren rubutu. A nan layi ɗaya ko biyu na godiya a sama sun wadatar. Wasu kan buɗe amsar kowane batu da yabo, batu talatin yabo talatin, har mai karantawa ya gaji ya fara zargin ana lallashinsa ne. Abin da mai tantancewa ke nema a wannan wasiƙa shi ne a nuna masa shafi da layin da aka gyara, kuma inda ba a yarda da shi ba a faɗi dalili a sarari. Wanda ya kwana uku yana bin lissafin wani, amsa ta gaskiya ce ke nuna masa an ɗauki wahalarsa da daraja.

Wuri na biyu shi ne saƙon da ake aika wa edita bayan an karɓa. Ba dole ba ne, kuma babu editan da zai riƙe marubuci a zuciya don bai aiko ba. Amma editocin mujallun ilimi da yawa su ma malamai ne da ke yin aikin a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko ma kyauta, kuma akasarin saƙonnin da ke shigo musu na ƙorafi ne da tambayar ina aka kwana. Ga wahalar da marubuci ba ya gani: kafin mutum biyu su yarda su karanta maƙala, sau da yawa edita ya roƙi mutane da dama sun ƙi ko sun yi shiru.

Misali zai fi bayyana yadda saƙon ya kamata ya kasance. A ce wata malama a sashen aikin gona ta gwada hanyoyi biyu na ajiye wake, buhun da aka saba da shi da kuma buhu mai ruɓi uku da ke hana iska shiga. Ta cika buhu huɗu na kowane iri, ta ajiye wata shida, sannan daga kowane buhu ta ɗebi wake sau biyar ta ƙirga ƙwayoyin da ƙwaro ya huda. A lissafinta ta ɗauki cewa tana da awo 20 a kowane ɓangare. Mai tantancewa na biyu ya ce a'a. Ɗiba biyar daga buhu guda ba shaidu biyar ba ne, shaida ɗaya ce aka tambaya sau biyar, domin duk abin da ya sami buhun, ko ɓula ko danshi, ya sami ɗiban duka. Awonta na gaskiya huɗu ne a kowane ɓangare. Da ta sake lissafi a kan haka, bambancin hudar ƙwaro tsakanin buhunan ya tsaya daram, amma wani bambanci da ta ce ta gani a tsirowar irin ya ɓace, dole ta cire shi daga sakamakonta. Mai tantancewa na farko kuma ya nemi ta faɗi yawan danshin waken a ranar da aka ɗaure buhunan, abin da ta auna amma ta manta ba ta rubuta ba.

Ranar da aka karɓi maƙalar, sai ta amsa wa edita a kan saƙon da ya aiko, ta bar lambar maƙalar a kan taken saƙon, domin mujallu da lamba suke gane takarda, kuma sau da yawa saƙon ofishin mujalla yake fara isa kafin ya kai ga editan. Abin da za ta rubuta, ko da a wane harshe mujallar ke aiki, ma'anarsa ba za ta wuce wannan ba:

"Ranka ya daɗe, na sami saƙonka na karɓar maƙalarmu, kuma a madadin abokan aikina ina godiya da yadda ka bi lamarin har ƙarshe. Ina roƙon ka isar da godiyarmu ga masu tantancewa biyu. Gyaran da na biyu ya yi mana a kan yadda muka ƙirga awo ya hana mu buga sakamakon da hujjarmu ba ta kai ba, tambayar na farko a kan danshi kuma ta sa wani zai iya maimaita gwajin. Muna jiran kwafin dubawa, za mu dawo da shi a kan lokaci."

Jimla huɗu ke nan. Ƙarfin saƙon yana cikin ta uku, inda aka faɗi takamaiman abin da kowa ya yi. Godiyar da ta ce an gode da shawarwari masu amfani, ta yi shiru, za ta dace da kowace maƙala a duniya, don haka ba ta gaya wa kowa komai ba. Wadda ta ambaci ƙirgar awo kuwa, mutum ɗaya ne tak zai karanta ya san da shi ake. Tana kuma yi wa edita amfani, domin ta nuna masa wane ne a cikin masu tantancewarsa ya iya aiki, ya san wanda zai sake nema.

A lura kuma da hanyar da godiyar ta bi: ta hannun edita. A fannin da masana ba su da yawa, marubuci yakan iya cankar wanda ya rubuta rahoto daga salon maganarsa ko littattafan da ya ambata. Sai zuciya ta raya masa ya kira shi a waya, ko ya tare shi a wajen taro ya ce ya gane shi. Wannan kuskure ne ko da cankar ta yi daidai. An yi wa mutumin alkawarin sakaya sunansa, kuma a kan wannan alkawari ne ƙaramin malami ke iya gaya wa babban farfesa cewa lissafinsa bai fita ba. Ƙa'idojin da kwamitin ɗa'ar wallafa na COPE ya shimfiɗa wa masu tantancewa sun hana su tuntuɓar marubuci kai tsaye ba da izinin mujalla ba, don haka wanda aka tare an jefa shi cikin tsaka mai wuya: ko ya yi ƙarya, ko ya karya amana. Idan kuma cankar ba daidai ba ce, an gode wa wanda bai yi komai ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan nauyi a wajen Bahaushe. Hausawa na cewa yaba kyauta tukuici, kuma wanda ya kawo albishir ba a barin sa ya koma hannu rabbana. Wanda aka yi wa alheri yakan taka har gida ya yi ban-gajiya, da ɗan turare ko goro ko yadi. Ɗabi'a ce kyakkyawa, amma a nan ba ta da gurbi. Karɓar maƙala hukunci ne, edita kuma a matsayin alƙali yake. Marubucin da ya aika masa da kyauta yau, gobe zai sake aiko da wata maƙala, kuma daga ranar duk hukuncin da editan ya yanke a kansa ya zama abin zargi, ko da zuciyarsa fes take. Lamarin ya fi tsanani a mujallun da tsangayoyi da sassan jami'o'i ke bugawa, inda edita da marubuci kan haɗu a masallaci ɗaya ko ɗakin taro ɗaya, kuma ƙin karɓar kyauta daga hannun babba abu ne mai wuya. Kyautatawa ga irin wannan edita ita ce kada a sa shi a halin da sai ya ƙi. Haka nan ba a cusa roƙo a cikin saƙon godiya. Wanda ya gode sannan ya ƙara da cewa yana da wata maƙala a hanya, yana fata za a duba ta da idon rahama, ya mayar da godiyar kafin alƙalami.

Wuri na uku shi ne cikin maƙalar kanta, a sashen da ake kira Acknowledgements, wanda yawanci ke zuwa a ƙarshe kafin jerin manazarta. A nan ne mutane da yawa ke mamaki, domin ba kowace mujalla ce ke yarda ba. Mujallar Nature ta faɗa a fili a cikin ƙa'idojinta ga marubuta cewa sashen godiya ya zama gajere, kuma kada a sa godiya ga editoci ko masu tantancewar da ba a san sunansu ba. Littafin ƙa'idar rubutu na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, APA, wanda sassan ilimi da yawa a jami'o'in Nijeriya ke bi, shi ma ya ce kada a gode wa waɗanda aikinsu ne na yau da kullum su duba maƙala su karɓa. Amma ya bar ƙofa ɗaya: idan mai tantancewa ya kawo wani tunani takamaimai, a ambace shi a daidai wurin da aka tattauna tunanin. A fannoni kamar lissafi da tattalin arziki da nazarin harshe kuwa, gode wa masu tantancewa a rubuce abu ne da aka saba gani. Abin yi dai shi ne marubuci ya karanta ƙa'idar mujallar, ya kuma buɗe maƙaloli uku ko huɗu na bayan nan ya ga yadda suka yi.

Dalilin masu hanawa abin dubawa ne. Godiyar da kowa ke rubutawa a kowace maƙala takan zama kamar hatimi. Har akwai masu rubuta ta tun a kwafin farko, kafin wani ya karanta ko layi ɗaya, su gode wa masu tantancewa saboda shawarwarin da ba a riga an bayar ba. Mai tantancewar da ya ci karo da wannan ya san ba da shi ake ba. Lokacin sa wannan jimla shi ne a gyararren kwafi na ƙarshe, ko a kwafin dubawa idan mujallar ta yarda da ƙaramin ƙari a wannan mataki.

Idan mai tantancewa ya sa hannu a rahotonsa, kamar yadda mujallar likitoci ta BMJ ta mayar da shi ƙa'ida tun 1999, ana iya ambatar sunansa, amma sai an nemi izininsa. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya bayyana dalili: mai karatu yana iya ɗaukar sunan mutum a sashen godiya a matsayin shaidar cewa ya amince da sakamakon. Wataƙila kuwa mutumin ya gyara abu biyu ne, amma har yanzu bai gamsu da na uku ba. Shi ya sa ake faɗin abin da ya yi kawai, ba a cewa ya tabbatar da ingancin aikin. Marubuta da yawa kan ƙara da cewa duk kuskuren da ya rage nasu ne.

Wanda ke son ganin godiya da aka yi yadda ya kamata, ya dubi labarin Andrew Wiles. A watan Yunin 1993, a Cambridge, Wiles ya sanar da cewa ya warware matsalar lissafin nan ta Fermat da ta gagari masana fiye da shekara 350. Rubutun ya kai kusan shafi 200, har aka raba shi ga masu tantancewa shida. Ɗaya daga cikinsu, Nick Katz na Princeton, ya yi makonni yana bin kasonsa layi-layi tare da Luc Illusie, yana aika wa Wiles tambayoyi. Yawancinsu Wiles kan amsa cikin kwana ɗaya. A ƙarshen watan Agusta Katz ya yi wata tambaya da ta ƙi amsuwa. Akwai giɓi na gaske a tsakiyar hujjar. Duniya ta riga ta yi shela, jaridu sun buga hotonsa, ga shi kuma ginin ya tsage. Wiles ya yi fiye da shekara yana fama, daga baya tare da tsohon ɗalibinsa Richard Taylor, har ranar 19 ga Satumban 1994 ya ga mafita. An buga aikin a Annals of Mathematics a watan Mayun 1995.

A gabatarwar maƙalar Wiles ya ambaci Katz da Illusie da suna, ya ce sun karanta wannan ɓangare da idon suka, kuma tambayoyinsu ne suka kai shi ga gano matsalar. Bai ɓoye cewa an sami kuskure ba, bai kuma lulluɓe shi da kalmomin yabo ba. Ya faɗi wanda ya yi, da abin da ya yi, da abin da ya haifar. Mutumin da tambayarsa ta jefa shi cikin shekara mafi wuya a rayuwarsa ta aiki, shi ya gode wa a gaban duk wanda zai karanta maƙalar har abada. A nan babu sirrin da aka tona, domin Katz da Wiles sun yi ta musayar saƙo kai tsaye, kowa ya san kowa.

Ba kowane rahoto ne ya cancanci haka ba, kuma bai kamata a yi kamar ba a sani ba. Akwai mai tantancewar da zai rubuta layi uku bayan wata biyar. Akwai mai zagi. Akwai wanda zai jero maƙalolinsa shida ya ce sai an ambace su, ko ba su da alaƙa da batun, don yawan ambaton sunansa ya ƙaru. Marubuci ba ya bin irin wannan bashin yabo. Zai iya gode wa edita da lokacin da aka ba aikinsa ya tsaya a nan, ko ya gode wa mai tantancewa ɗaya da ya yi aiki ya yi shiru a kan ɗayan. Tilasta ambato kuwa tun a lokacin gyara ake sanar da edita cikin natsuwa. Akwai kuma mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana uku ba tare da kowa ya karanta ba. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika da maƙalar bogi mai kurakurai a fili ga mujallu 304, kuma 157 suka karɓa. Wanda wasiƙar karɓarsa ta zo babu rahoto ko ɗaya, sai lambar asusun banki, abin da ke gabansa shi ne ya binciki mujallar kafin ya biya.

Wani lokaci kuma gyaran da ya ceci maƙala daga mujallar da ta ƙi ta ya fito. Malamar nan mai binciken wake tana iya samun maganar ƙirgar awo daga mujalla ta farko, wadda ta mayar mata da takardarta, sannan ta gyara ta kai ta biyu aka karɓa. Mutumin da ya yi mata wannan aiki ba zai taɓa jin labarin ba. Inda ƙa'ida ta yarda, ana iya rubuta godiya ga wanda ya tantance wani kwafi na farko na aikin, ba tare da ambatar mujallar ba.

Mujallu ma sun fara gane cewa bai kamata a bar wannan nauyi a kan marubuta kaɗai ba. Da yawa kan buga jerin sunayen duk waɗanda suka yi musu tantancewa a shekara, ba tare da nuna wace maƙala kowa ya duba ba. Nature, wadda ta hana marubuci godiya, ita da kanta take rubuta layin godiya a ƙarshen maƙala, ta ambaci sunan mai tantancewar da ya yarda a ambace shi. Malami kuma yana iya sa aikin tantancewar da ya yi a shafinsa na ORCID, ya nuna wa kwamitin ƙarin girma. Tun 2015 ake ware mako guda a watan Satumba don tunawa da masu wannan aiki.

Ga marubucin kansa, akwai lissafi mai sauƙi. Maƙalar da mujalla ɗaya ta ƙi bayan tantancewa, ta biyu ta karɓa, ta ci rahoto huɗu zuwa shida, ban da zagayen gyara. Idan marubutan uku ne, kowannensu yana da bashin kusan rahoto biyu a kan wannan maƙala kaɗai. Sau da yawa kuma editan da ya karɓi aikin mutum yakan sa sunansa a jerin waɗanda zai nema, don haka bayan 'yan watanni gayyata za ta iso. Idan batun fanninsa ne kuma yana da lokaci, ya karɓa ya mayar a ranar da aka sa. Idan ba zai iya ba, ya amsa a ranar da saƙon ya zo, ya ambaci sunan wani masani da zai iya, domin editan ya daina jiransa ya nemi wani.